Faifan Tirena a Aljihun Alhaji Manu

Gonaki goma sha huɗu sun ɓace daga faifan Gozaki, kuma Mista Kayode, manajan Kamfanin Iri na Zangarniya, yana tsaye a kan Tajudeen yana so a gaya masa inda suka shiga.

Tajudeen ya sake buga umarnin da ke jera sunayen fayiloli. Koren rubutu ya zubo a gilashin kwamfutar, gona bayan gona, kowace da lambarta, har ta casa'in da shida. Daga nan sai shirme, wasu alamu kamar tsutsa ta bi ta kan takarda. Fayil ɗari da goma ne a faifan nan ranar Alhamis da ta wuce. Ya zare shi, ya sa kwafinsa da ake ajiyewa a akwatin ƙarfe. Shi ma a casa'in da shida ya tsaya.

Alhaji Manu, shugaban sashen gwajin iri, yana bakin ƙofa da hularsa a hannu. Ɗakin kwamfuta shi kaɗai ne mai na'urar sanyi a duk kamfanin, amma gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ranar Laraba ce a watan Mayu na 1989, ranar Juma'a kuma za a zauna a zaɓi irin masarar da za a yawaita wa manoma kafin damina ta zauna. Damina uku ya yi yana bin gonakin nan a kan babur, daga Gozaki zuwa Ƙarfi zuwa Bakori, yana auna tsiro yana ƙirga zangarniya. Sai dai ba wannan ne ya sa shi gumi ba. A aljihun gaban rigarsa akwai wani faifai baƙi, a naɗe cikin ambulan, yana tokare masa ƙirji duk sanda ya ja numfashi.

Tajudeen ya ce bairos ne, ƙwayar cutar kwamfuta. Ya nuna wa manaja lambar ƙwaƙwalwar injin: kullum 655,360 take nunawa, yau ta koma 653,312. Wani abu ya gutsuri ɗan wuri ya zauna a ciki, kuma duk faifan da aka zura masa ba tare da an liƙe ɗan tsagin gefensa da sitika ba, sai ya rubuta kansa a farkon faifan. Abin da ya tarar a wurin sai ya ɗauke ya jibge a ƙarshen shafin da ke riƙe sunayen fayiloli. Faifan Ƙarfi da na Bakori sun kamu, amma sunayensu ba su kai ƙarshen shafin ba, shi ya sa ba su yi asara ba. Na Gozaki ya cika, sai aka danne masa sunaye sha huɗu.

Mista Kayode ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambayi abin da kowa ke jira: ta ina ya shigo? Bai jira amsa ba, ya sa Tajudeen ya buɗe babban faifan cikin injin. Can ƙasan jeri ga wasan nan da duk ofis ya sani, na ɗan mahaƙin da ke ratsa ƙasa yana tsintar duwatsu masu daraja, kunamu na bin sa.

"Wasan nan wata takwas yana nan, ranka ya daɗe," in ji Tajudeen. "Na gwada shi kafin in sa shi. Ba shi ba ne."

"To wane ne? Makulli uku ne da ɗakin nan. Nawa, naka, da na Alhaji. Ni ban san inda ake kunna ta ba sai ka nuna mini. Ko Alhaji kake so ka ce yana farautar kunama da rana tsaka?"

Sabuwa mai buga takardu, da ke leƙowa ta bayan Alhaji, ta toshe baki da mayafi. Tajudeen ya sunkuyar da kai.

Manaja ya ce ya ba shi zuwa gobe ƙarfe huɗu na yamma. Ko gonakin sun dawo ko ba su dawo ba, idan ba a samo wata hanyar da cutar ta biyo ba, takardar sallama za ta fita. Shi da Tajudeen duka Yarbawa ne, kuma tun da aka ɗauki yaron ake gunagunin cewa manaja ya cusa ɗan'uwansa. Ya ce ba zai bari a ce ya rufa masa asiri ba. Ya wuce ta gefen Alhaji, ya dafa kafaɗarsa, ya ba shi haƙuri a kan wahalarsa ta damina uku.

Wannan haƙurin ne ya fi komai ƙona Alhaji Manu.

Tajudeen surukinsa ne. Shekara biyu ke nan da ya auri Shafa'atu, 'yarsa ta biyu. A Funtua aka haife shi, mahaifinsa yana sayar da kayan keke, Hausa kuma a bakinsa ta fi ta wasu 'yan gari. Da ya zo neman aure dangi sun yi ta ƙorafin cewa bai san kunyar surukai ba, sai ya ɗauki kunyar ya ɗora a ka har ya fi masu ita. Ba ya kallon Alhaji a ido, ba ya cin abinci inda yake, ba ya zama a kujera idan yana tsaye. A ofis ba su magana kai tsaye sai dole. Idan Alhaji na son alƙaluma sai ya rubuta a takarda ya sa a tiren Sabuwa, amsa ta dawo ta tire.

Ta bayan kafaɗa Alhaji ya fara ganin wasan, wata rana da ya shigo ya tarar da Tajudeen yana yi lokacin hutun rana. Yaron ya miƙe da sauri ya durƙusa, ɗan mahaƙin ya mutu a gilashi, Alhaji ya yi kamar bai gani ba. Bayan sati guda, Tajudeen ya tafi cin abinci, Alhaji ya buɗe ɗakin da makullinsa da niyyar shan sanyi kawai. Ya danna maɓalli ɗaya. Cikin wata biyu, mutum mai shekara hamsin da huɗu, mai jikoki, wanda ake tura wa rikicin unguwa ya sasanta, ya zama yana duba agogo yana jiran ƙarfe ɗaya ta yi.

Rai uku ake ba mahaƙin, kuma a rami na huɗu kullum suke ƙarewa. Alhaji ya san Tajudeen yana wuce rami na ashirin. Ya kuma ga wani ƙaramin littafi da yake dubawa kafin ya fara. Tambaya ɗaya za ta wadatar, amma da wane baki? Ya taɓa tsara maganar a kan babur tun daga Bakori har ƙofar kamfani, yana sauka ya haɗiye ta.

Sai aiki ya kai shi Kaduna. A wani shagon gyaran injin buga takardu, inda ba wanda ya san shi, ya tambaya a madadin wai wani jikansa. Mai shagon ya gane wasan nan take. Ya ce akwai abin da ake kira tirena: ɗan ƙaramin shiri ne da ake kunnawa kafin wasan, shi zai ɗora wasan a ƙwaƙwalwar injin, ya je daidai wurin da aka rubuta a rage rai ɗaya, ya toshe umarnin. Kunama ta harbe ka sau dubu, rai yana nan uku. Ya ce ƙanensa ne a Landan ya jawo shi ta layin tarho daga wata kwamfuta da jama'a ke zuba shirye-shirye, ya aiko a faifai. Alhaji bai tambayi wanda ya rubuta shi ba. Mai shagon ya kwafa masa a injinsa, injin da ake zura wa faifan kowa.

Ranar Juma'ar da ta wuce Tajudeen ya tafi Ƙarfi karɓo littattafan malaman gona. Alhaji ya shiga ɗakin tun sha ɗaya. Tirena ya yi tambayarsa, rai mara ƙarewa, e ko a'a. Ya danna e. Ya wuce rami na huɗu kamar wasa, ya wuce na goma, na ashirin, na talatin, ya ga ƙarshen wasan da ko Tajudeen bai gani ba. Da allon gwanaye ya nemi suna, daɗi ya ɗebe shi, ya rubuta ZG7, lambar irin masarar da shi ya haɗa da hannunsa.

A daidai nan wuta ta ɗauke. Ya ji takun manaja a baranda, ya yi wuf ya fito ya tare shi da zancen taki. Suna cikin zance mai gadi ya tada janareto. Alhaji bai kashe injin ba, faifan kuma yana ciki, ƙofarsa a rufe. Da ya koma ya tarar injin ya tashi da kansa, ya tsaya yana cewa wannan ba faifan tayarwa ba ne. Ya zare, ya danna maɓalli, komai ya dawo daidai. Ya yi hamdala ya tafi masallaci.

Yanzu, a bakin ƙofa, ya tsaya bayan kowa ya watse. Tajudeen bai san yana nan ba, ko kuwa ya yi kamar bai sani ba. Ya buɗe wasan, ya shiga allon gwanaye. Ga ZG7 a sama, da makin da ba mai rai uku da zai taɓa kaiwa. Yaron ya daɗe yana kallo. Sannan ya fita daga wasan, ya nemo fayil ɗin da ke riƙe allon, ya goge shi.

Alhaji ya koma ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya buɗe fayil ɗin taki, ya karanta layi ɗaya sau biyar.

Kafin azahar Sabuwa ta shigo da tire. Ta ce Malam Taju ya ce a faɗa wa duk wanda ke shiga sashen nan, ba wai yana nufin kowa ba, cewa idan akwai wani baƙon faifai da ya taɓa shiga injin, da za a same shi a tire, da ya taimaka. Ba ya buƙatar sanin na wane ne. Ta ƙara da nata, cewa ita dai ba ta ga amfanin aiken ba, tunda duk sashen daga ita sai Alhaji, ita kuwa ko taɓa injin ba ta yi saboda yana jan gashin hannu. Alhaji ya ce ta je zai duba. Da ta fita ya zaro ambulan, ya cusa shi a tsakiyar fayil ɗin rahoton ruwan sama, ya kai tiren da kansa lokacin da ta tafi alwala.

Akwai wata tsohuwar kwamfuta a sito, wadda ake buga tambarin buhu da ita. Ba ta da faifan ciki, ramin faifai biyu kawai gare ta, idan an kashe ta duk abin da ke kanta ya tafi. Da la'asar Alhaji ya ƙirƙiri duba buhunan iri, ya tsaya bayan tarin masara inda yake hango ta. Tajudeen na zaune, Ɗanjuma mai kula da sito na tsaye kansa yana zuba tambayoyi.

Tajudeen ya tada injin da faifansa mai tsabta, wanda sitika ke liƙe a tsaginsa tun ranar da aka saye shi. Ya duba lambar ƙwaƙwalwa ya rubuta. Ya liƙe wa baƙon faifan sitika shi ma, ya sa shi a rami na biyu, ya kunna tirenan tare da kwafin wasan. Ya bar kunama ta harbi mahaƙin sau shida, rai bai ragu ba. Ɗanjuma ya ce wannan ai shi ne maganin da yake nema tun da ya yi aure. Tajudeen ya fita daga wasan, ya sake duba lambar, ya duba girman fayilolin wani faifan gwaji mara sitika da ya sa daga baya. Ba abin da ya canza.

Ya ce tirenan kansa bai nuna alamar komai ba, ko da yake wannan ba shaida ba ce, don akwai masu kwanciya sai wata rana ta musamman su tashi. Shiri irin wannan a rufe yake, ba ka ganin cikinsa. Wanda ya rubuta shi baƙo ne, wanda ya zuba shi a layin tarho baƙo ne, kai kuma da ka kunna shi ka miƙa masa injin gaba ɗaya, abin da ya ga dama zai taɓa. Shi ya sa duk abin da aka jawo daga irin wuraren nan a wannan tsohuwar ake fara gwada shi, ba a injin da ke riƙe aikin mutane ba.

Sannan ya kashe injin, ya mai da baƙon faifan rami na farko, ya kunna. Injin ya yi ƙorafinsa na cewa ba faifan tayarwa ba ne. Ya musanya da nasa ba tare da ya kashe ba, ya danna maɓalli, ya duba lambar. Ta ragu daidai yadda ta ragu a ofis.

"Ga ta nan," in ji shi. "A bakin faifan take, wurin da injin ke fara karantawa idan ya tashi. Da an zare shi kafin wuta ta dawo, da ba abin da ya faru."

Ɗanjuma ya tambaya ko shi ma da irin wannan yake cin wasan. Tajudeen ya ce a'a, ya zaro ɗan littafinsa. Ya ce shi jadawali yake yi. Wasan yana barin mutum ya ajiye inda ya tsaya, to sai ya ajiye yana da rai uku, ya bari a kashe shi sau ɗaya ya sake ajiyewa da wani suna, ya kwatanta fayilolin biyu. Wurare kaɗan ne suke bambanta, a cikinsu kuma wanda ya sauka daga uku zuwa biyu shi ne gidan rai. Sai ya rubuta lambar gidan a littafi. Haka ya samo na iska, na harsashi, na lambar rami. Idan yana so sai ya buɗe kwafin fayil ɗin ya mai da ukun ta zama tara, ko ma ɗari biyu da hamsin da biyar, iyakar abin da gida ɗaya ke ɗauka. Jadawalin lambobi ne kawai, kana ganinsu da idonka, kai ke shigar da su da hannunka. Aibinsa ɗaya, idan aka kawo wani bugun wasan, gidajen kan gusa, sai an sake nema.

Ɗanjuma ya ce to yanzu sai a kai wa manaja faifan a wuce wurin. Tajudeen ya ce manaja zai tambayi mai shi. Ɗanjuma ya ce to a faɗa mana. Tajudeen ya mai da faifan ambulan, ya rubuta a bayansa da jan biro kada a sa a inji, ya jefa a durowa ya kulle.

"A tire na tsince shi," ya ce. "Ban san mai shi ba."

Washegari da safe Alhaji ya biya ta gidan 'yarsa kafin aiki, abin da ba ya yi. Tajudeen ya riga ya fita. Shafa'atu ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo koko, tana fama da tsohon ciki. Ta ce mijinta bai gaya mata komai ba, amma matar Ɗanjuma ta gaya mata. Ta ce tun yaushe take masa faɗa a kan wasan yaran nan, ga shi zai ja musu. Ta roƙi Baba ya sa baki wurin manaja, tunda ana jin maganarsa, ko don darajar furfurarsa a yi wa Taju afuwa. Alhaji ya ce zai duba. Ya tashi ya bar kokon.

A ofis ya tarar da saƙo a tire. Tajudeen ya tsabtace injin, ya tashe shi daga faifai mai tsabta ya mai da farkon faifan ciki yadda yake. Ya kuma ceto fayiloli sha huɗun a kan kwafi, domin sunayen ne kawai aka danne, alƙaluman suna nan kwance. Amma sun dawo ba suna, sai lambar jeri da injin ya ba su, kuma sunan fayil shi ne lambar gonar. Ciki babu komai sai ranar shuka, yawan tsiro, tsayin kara da nauyin amfani. Littattafan malaman gona na bara suna Gozaki, ba za a tattaro su kafin gobe ba. Yana neman alfarma, idan Baba zai iya gane gonakin da ido.

Haka suka zauna, karo na farko tun da aka ɗaura aure, kujera kusa da kujera. Tajudeen ya so ya tsaya, Alhaji ya ce ya zauna, ba a buga inji a tsaye. Fayil na farko ya fito. Shuka ranar sha tara ga Yuni, tsiro ya yi kyau, kara gajere. Alhaji ya ce ta Mati ce, wadda ke kan tudu, shi ne ya makara saboda rasuwar yayansa. Na biyu, amfani ya faɗi rabi a damina ta biyu. Ta Gwaggo Tsohuwa ce, shanu suka shiga mata. Na uku da na huɗu sun yi kama har Tajudeen ya ce ko a bar su, Alhaji ya ce a nuna masa nauyin shekarar farko, ya raba su: ɗaya tana bakin fadama. Yaron yana bugawa, yana cewa to Baba, idonsa a kan madannai. Kafin sha biyu da rabi gonaki sha huɗu sun koma gidajensu, an yi kwafi biyu, an liƙe kowanne da sitika.

Alhaji ya buɗe baki a nan. Abin da ya fito shi ne, Allah ya yi albarka. Tajudeen ya ce amin, ya miƙe ya buɗe masa ƙofa.

Da ya koma teburinsa bayan azahar, akwai wata takarda a tire, ba suna, ba sa hannu. Shafi ne da aka kwafa da kyakkyawan rubutu daga ɗan littafin nan: gidan rai, gidan iska, gidan harsashi, da yadda ake canza su mataki-mataki, an rubuta da Hausa dalla-dalla yadda mai koyo zai gane. A ƙasa an ƙara layi ɗaya, cewa a riƙa zare kowane faifai da zarar wuta ta ɗauke.

Ya riƙe takardar har ta jiƙe a hannunsa. Ta tagar da ke tsakaninsu yana jin injin Sabuwa yana bugawa, ya kuma san abin da take bugawa, don ta zo ta tambaye shi yadda ake rubuta Tajudeen, da i ne ko da e biyu.

Huɗu saura kwata ya shiga ofishin manaja ba tare da ya ƙwanƙwasa ba. Tajudeen na tsaye gaban tebur, hannuwa a baya. Takardar sallamar na gaban Mista Kayode, biro a buɗe, Sabuwa na jiran ta kai fayil. Manaja yana cewa ya yaba da ceto gonakin, zai rubuta masa shaida mai kyau, amma doka doka ce. Da ya ga Alhaji sai ya ɗaga hannu, ya ce ya san abin da ya kawo shi, don Allah kada ya roƙa, surukuta daban aiki daban.

"Ba roƙo na zo ba," in ji Alhaji Manu. "Ni na sa faifan."

Manaja ya yi 'yar dariya, ya ce wannan karamci ne, amma ba zai karɓa ba.

"Baba," in ji Tajudeen, yana kallon ƙasa, "don Allah a bar maganar."

"Yi shiru, Malam Taju. Rami talatin da biyu ne a wasan, ranka ya daɗe. A na ƙarshe akwai wata kunama babba mai kai biyu. Tambaye shi ko ya taɓa ganinta. Ni na gan ta ranar Juma'a, yana Ƙarfi, da tirenan da na karɓo a Kaduna na ce na jikana ne. Lokacin da na tare ka a baranda ina maka zancen taki, faifan yana cikin injin. Yana durowar sito yanzu, shi ya kulle shi don kada a tambayi mai shi."

Sabuwa ta kalli Alhaji, ta kalli silin, ta rungume fayil ɗinta. Alhaji ya san kafin magariba labarin zai kai tasha, gobe kuma a masallaci za a riƙa gaishe shi ana tambayar lafiyar kunamu.

Mista Kayode ya rufe biro a hankali. Ya tambayi dalilin da ya sa, da mai sanin abin a gefensa kullum, ya tafi har Kaduna wurin baƙo. Alhaji ya ce mijin 'yarsa ne. Manaja ya kalli Tajudeen. Ya ninke takardar sallamar biyu ya sa a kwandon shara. Ya ce dole ya rubuta wa shugabannin kamfani abin da ya faru da sunan wanda ya yi, kuma yana son makullin ɗakin kwamfuta yanzu. Alhaji ya ciro shi daga zoben makullansa. Ya ɗauki lokaci, kuma ba wanda ya taya shi.

A baranda Tajudeen ya durƙusa kamar kullum, ya ce Baba ya yi haƙuri. Alhaji ya ce ya tashi, shi ne mai ba da haƙuri yau, kuma Shafa'atu daga bakinsa za ta ji, kada ya riga shi. Yana neman abin da zai ƙara ke nan sai wata farar fijo ta shigo harabar da gudu, ta tsaya a gurguje gaban matakala.

Wata mata ce ta fito, doguwa, da tabarau, ba wanda ya taɓa ganinta. Tana rungume da kwalin faifai, ta hau matakalar ba ta gai da kowa ba. Ta ce daga kamfanin gurzar auduga na Malumfashi take, ita ce mai kula da kwamfutocinsu guda huɗu, kuma tun jiya uku sun kamu da abin da ba ta gane ba. Ta zaro faifai ɗaya daga kwalin ta ɗaga. Tambarin Zangarniya ne a jikinsa, na alƙaluman ruwan sama da kamfanonin biyu ke musaya, da kwanan watan Litinin da ta wuce, kwana uku bayan cutar ta shiga injin ofis.

"Wane ne Tajudeen a cikinku?" ta tambaya. "Sunansa ne a nan. Manajanmu yana hanya, kuma ba shi kaɗai yake tafe ba."